Wayar hannu ta intanet: kar ka tura kuɗi sai lambobinta sun yi magana

Idan kana Ɗantutture ko Kurfi, ko kana karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ka san yadda cinikin yake tafiya yanzu. Za ka ga waya a sitatus ɗin wani, ko a Jiji, ko a Facebook. Mai ita ya ce yana Farm Centre a Kano, ka tura kuɗi, ya ba direba a tasha, da yamma ta iso. Sau da yawa ana rabuwa lafiya. Amma ranar da aka samu matsala, kuɗinka suna Kano, wayar tana hannunka, mai ita kuma ya daina ɗaga kira. Shi ya sa duk binciken da za ka yi, ka yi shi kafin alat ya shiga.

Abu na farko, sikirinshot ba hujja ba ne. Ana iya ɗaukarsa daga wata wayar daban. Ka nemi kiran bidiyo, mai sayarwa ya riƙe wayar, kai kana faɗa masa inda zai danna.

Mu ɗauki misali. A ce an tallata maka iPhone 11, an rubuta batir 100%, ba a taɓa buɗe ta ba, ga garanti. Ka ce ya danna `*#06#` a wurin kira. Lambar IMEI za ta fito, guda 15 ce, kuma ita ce shaidar wayar a wurin kamfanonin sadarwa. Rubuta ta a takarda. Sai ya shiga Settings, General, About, ka duba ko IMEI ɗin can ta yi daidai da wadda ka rubuta. A wannan samfurin an buga lambar a jikin ɗan tiren da ake sa layi, to ya zaro shi ya nuna maka. Idan ta tiren ta bambanta, ba lallai a ce ta sata ba ce, ana canza tire idan ya ɓata. Sai dai maganar "ba a taɓa canza mata komai ba" ta fara tangal-tangal.

Kar ka bar shafin About ɗin tukuna. Ka nemi layin Carrier Lock. Idan an rubuta No SIM restrictions, kowane layi zai hau. Idan ba haka ba, wani kamfanin sadarwa na waje ya kulle ta, kuma irin su ne ake maƙala wa ɗan cif a ƙarƙashin layi, yau sabis ya zo gobe ya ɗauke. Sannan ka kwafi Serial Number, ka shiga checkcoverage.apple.com a taka wayar ka saka. Shafin zai gaya maka samfurin da kuma ko garantin Apple yana nan. Garantin nan na shekara ɗaya ne daga ranar da aka fara sayen wayar. iPhone 11 ta fito a Satumban 2019, Apple ya daina sayar da ita a 2022, don haka abin da za ka gani shi ne ya ƙare. Wannan ba aibi ba ne. Yana nufin garantin da ake maka magana na mai shago ne, na baki, kuma sai ka tambaya kwana nawa ne da abin da ya ƙunsa.

Yanzu batir, inda aka fi yi wa mutane rufa-ido. Settings, Battery, Battery Health & Charging, ka duba Maximum Capacity. Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 da na ƙasa da ita an yi shi ne ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Mai cinye caji ɗaya kullum zai kai 500 kafin shekara ɗaya da rabi. To ta yaya wayar da ta shekara da shekaru a hannun wani za ta nuna 100% da batirinta na asali? Amsa biyu ce. Ko an sa sabon batir, wanda ba laifi ba ne idan an faɗa maka, ko kuma an yi abin da 'yan kasuwa ke kira bustin, wato a sa na'ura a gyara lambar ta koma sama alhali batirin a gajiye yake.

Daga iOS 15.2, shafin About yana nuna Parts and Service History idan an canza wani abu. Genuine Apple Part na nufin kayan Apple ne, Unknown Part kuma wayar ba ta gane shi ba. Amma rashin ganin komai ba wanke kai ba ne, domin masu gyara suna iya cire ɗan allon tsohon batir su haɗa da wani. Ni dai gara 84% na gaskiya da 100% ɗin da ba a iya yi mini bayaninsa ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na aiki: a cire caja, a ƙara haske, a kunna bidiyo na minti 15, ka ga nawa ya sauka. Idan ya faɗo daga 80 zuwa 60, ko wayar ta mutu da sauran caji, ka samu amsa. A garin da wuta ke zuwa sai ta ga dama, kuma kowane caji kuɗi ne a shago, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai kullen iCloud, wanda shi ne ke mayar da waya dutse. Akwai wayoyin da aka zagaye kullen aka buɗe su ta bayan gida. Suna aiki lafiya lau har ranar da ka yi musu wankin ciki, sai su tsaya a Activation Lock suna neman akawun ɗin mai su na asali. Ka sa mai sayarwa ya shiga Settings, General, Transfer or Reset iPhone, Erase All Content and Settings kana kallo, ya haɗa ta da intanet, ya wuce shafin Hello har ta buɗe. Idan ya fara cewa data ta ƙare ko kwastoma na jira, ka jira shi ya dawo. Idan bai dawo ba, kuɗinka ne suka tsira.

Mai neman laftof ta Windows, shi ma yana da irin wannan gwajin. A buɗe Command Prompt a rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Rahoton zai nuna DESIGN CAPACITY, ƙarfin batir lokacin yana sabo, da FULL CHARGE CAPACITY, abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na farko 45,000 ne na biyu 27,000, kashi 60 ya rage, sai ka cire kuɗin sabon batir daga farashi. Lambar da ke ƙarƙashin laftof kuma ka saka ta a shafin HP, Dell ko Lenovo ka ga ko samfurin da aka faɗa maka ne.

Saura biyan kuɗi. Idan kana da ɗan'uwa ko aboki a Kano, ya je shagon ya gani da ido kafin ka tura, kuma sunan akawun ya yi daidai da na mai shago. Ka nemi rasit mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata, IMEI da kwanakin garanti a rubuce. Dalili kuwa, ana bin sawun wayar sata ta IMEI, layinka kuma haɗe yake da NIN ɗinka, to ranar da jami'an tsaro suka biyo ta, ƙofar wanda ke riƙe da ita za su fara ƙwanƙwasawa. Rasit ɗin ne zai nuna daga inda ta zo hannunka.

Idan direba ya iso, kar ka wuce gida da kwali a rufe. Buɗe shi a nan tasha, danna `*#06#`, ka gwada da lambar da ka rubuta ranar kiran bidiyo. Idan ko lamba ɗaya ta saɓa, ba wayar da ka gani aka turo maka ba, sai ka kira mai shago tun motar ba ta juya ba.