Rufi Na Yoyo: Takardar Da Ya Kamata Ɗan Haya Ya Rubuta Wa Mai Gida

Idan Agusta ta kama a Kano, ruwa ya zauna, gidajen haya da yawa sukan koma sansanin bokiti da roba. A ja gado nan, a ɗaga katifa can, a kwana ana sauraren ɗis-ɗis. Da gari ya waye sai ɗan haya ya kira mai gida a waya, ko ya tare shi a ƙofar masallaci. Amsar sananniya ce: "In sha Allahu zan turo kafinta." Mako ya wuce, wata ya shuɗe, silin ya kumbura ya rufto. Ranar da magana ta kai gaban mai unguwa ko alƙali, mai gida ya ce shi ba a taɓa gaya masa abin ya kai haka ba. Ɗan haya kuwa ba shi da abin nunawa sai rantsuwa.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa tunda gidan na mai gida ne, dole ce a kansa ya gyara duk abin da ya lalace. Maganar ba ta miƙe haka ba. A dokar da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila, wanda ya ba da hayar gida ba kaya a ciki, asali gyara bai hau kansa ba sai in ya yi alkawarin haka a yarjejeniya, ko dokar jiha ta ɗora masa, kamar yadda dokar haya ta Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida kula da wajen gini. A fiƙihun Malikiyya ma, abin da ke cikin Mukhtasar na Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara. Idan lalacewar mai cutarwa ce, kuma yoyon rufi ne ma misalin da aka kawo, ɗan haya yana da zaɓi: ya fita, ko ya zauna. In ya zaɓi zama, kuɗin haya na kansa. Ashe ke nan ƙarfin ɗan haya yana cikin takardar da suka sa wa hannu, wadda galibi aka cusa a ƙasan akwati tun ranar tarewa.

Saboda haka kafin a ɗauki biro, a fito da yarjejeniyar a karanta. A nemi sakin layin da ya yi maganar gyara. Yawancin takardun da lauyoyi ke rubutawa sukan raba abin biyu: rufi, bango da ginshiƙai na mai gida, su kwan fitila, kan famfo, makulli da fenti na ɗan haya. Sai kuma mutum ya binciki kansa. Idan kai ka sa aka hau kwano aka kafa farantin tauraron ɗan'adam ko na sola, ko ka bar leda da ganye suka toshe indararo har ruwa ya koma ciki, wasiƙarka za ta dawo ta sare ka. Shi ya sa ya fi kyau kafinta ya hau ya duba tukuna. Inda tabo ya fito a silin ba lallai nan ramin yake ba, domin ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Kafinta ne zai ce tsatsa ce ta ci kwano, ko iska ce ta zare ƙusa, ko tulluwar rufin ce ta buɗe.

Mu ɗauki misali. A ce wani malamin makaranta ne ke haya, yarjejeniyarsa ta shekara ce, kuma sakin layi na 5 ya ce gyaran rufi na mai gida ne. Ga yadda wasiƙarsa za ta iya kasancewa, bayan ya sa kwanan wata da adireshin gidan a sama:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa rufin ɗakin kwana na ɓangaren gabas yana yoyo tun ruwan daren 4 ga Agusta. Na faɗa maka a waya ranar 5 ga wata, na kuma tuna wa wakilinka ranar 12. Kafinta ya duba, ya ce falle uku na kwano sun yi tsatsa sun huje, silin biyu kuma sun jiƙe, ga wayar wuta a kusa da wurin. Ya ƙiyasta aikin a kan naira 85,000. Na haɗo hotuna da takardar ƙiyasinsa. Sakin layi na 5 na yarjejeniyarmu ya ce mai gida ne zai kula da rufi da bangon waje. Ina roƙon a yi gyaran cikin kwana 14 daga yau. Duk ranar da ma'aikata za su zo, a sanar da ni, zan buɗe musu. Idan ya fi maka sauƙi in yi aikin da kuɗina a cire daga hayar baɗi, ina neman amincewarka a rubuce. Allah ya ƙara girma."

A lura babu zagi, babu "in ba haka ba za ka gani". Ba don tsoro ba ne. Wannan takarda wataƙila wani na uku zai karanta ta wata rana, kuma wanda ya yi magana cikin ladabi da hujja shi ake saurara. Bayan haka, mutumin nan za ku sake zama da shi ranar sabunta haya.

Abin da ya fi komai nauyi a cikinta kwanakin nan ne. Ko da mai gida ya yi alkawarin gyara, ƙa'ida ita ce ba a kama shi da saɓa alkawari kan ɓarnar da ke cikin gidan da wani ke zaune sai an sanar da shi, an kuma ba shi lokacin da hankali zai ɗauka. Ranar da sanarwa ta isa gare shi, daga ranar ake fara lissafi. Katifar da ta ruɓe kafin sanarwa da wuya a biya ka, amma wadda ta lalace bayan wa'adi ya cika kana da bakin magana a kanta. Kuma a kwafo kalmomin sakin layin yadda suke, ko da Turanci aka rubuta su, kada a ƙara gishiri. Wanda ya ce yarjejeniya ta faɗi abin da ba ta faɗa ba, ya ba abokin gardamarsa sanda.

Jimlar nan ta neman amincewa a rubuce ita ce wadda aka fi tsallakewa, kuma nan ake faɗawa rami. Ɗan haya ya fusata, ya gyara, ya zabtare kuɗin daga haya, ko ya ce ba zai biya ko sisi ba sai an gyara. A idon kotu biyan haya alkawari ne mai zaman kansa. Mai riƙe kuɗi yana iya wayar gari shi ne mai bashi a wuya, a miƙo masa takardar tashi, maganar yoyo ta bi ruwa. In Alhaji ya yarda ka gyara, ko saƙon waya ne ya turo, ka adana shi tare da rasiɗin kwano da na ƙusa da na ladan kafinta.

Saura isarwa. A yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka. In ta hannun wakili aka kama hayar, a ba shi, a kuma ba mai gida. A ɗauki hotonta a tura ta WhatsApp, domin dokar shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar karɓar irin waɗannan saƙonni a kotu idan an cika sharuɗɗanta. Idan kwana 14 suka cika shiru, a sake rubuta gajeruwa mai ambaton ta farko, sannan a nemi mai unguwa ko wani dattijo da Alhaji ke jin nauyinsa, kafin a yi zancen lauya.

Wanda kuma ya duba takardarsa bai ga maganar gyara ba, ko tun farko da baki aka yi cinikin, shi ma ya rubuta, sai dai tasa roƙo ce. In lokacin sabunta haya ya zo, kada ya miƙa kuɗin shekara sai an rubuta wanda gyaran rufi ke kansa.