Ko Kun Sani? Yadda Gudun Haske Ya Ɓullo Daga Lissafin Maxwell

Ko kun san cewa da ƙa'idoji huɗu na James Clerk Maxwell kaɗai ana iya fitar da gudun haske a kan takarda?

A sararin da babu caji, babu lantarki mai gudana, ga yadda suke, inda E ke wakiltar filin lantarki, B kuma filin maganaɗisu:

```
∇·E = 0        ∇·B = 0
∇×E = −∂B/∂t
∇×B = μ₀ε₀ ∂E/∂t
```

Dabarar ita ce a sake ɗora ∇× a kan ƙa'ida ta uku, wato ta Faraday. Ɓangaren hagu zai koma ∇(∇·E) − ∇²E. Da yake ∇·E sifili ne, kashin farko ya faɗi ke nan. A nan ya kamata ɗalibi ya lura sosai: inda akwai caji, wannan kashi ba ya ɓacewa haka kawai.

A dama kuwa ∇×B ne zai bayyana, sai a musanya shi da abin da ƙa'ida ta huɗu ta bayar. Alamomin ragi biyu su kashe juna, a samu:

```
∇²E = μ₀ε₀ ∂²E/∂t²
```

Wannan siffar lissafin igiya ce, mai gudun 1/√(μ₀ε₀). Idan aka saka ƙimar μ₀ da ε₀, sai ga kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, gudun haske.

Kashin ∂E/∂t kuwa Maxwell ne ya ƙara shi a dokar Ampère. In aka cire shi, igiyar ba za ta fito ba sam. Ya wallafa nazarin a 1865.