Dattin Shayi a Kofi da Filas: Soda ko Lemon Tsami?

Duk gidan da ake shan shayi ba a rasa kofin tangaran da cikinsa ya yi ja, ko filas ɗin ƙarfe da idan ka leƙa sai ka ga baƙi-baƙi a ƙasansa. An wanke da sabulu, an sake wankewa, yana nan daram. Ba ƙazantar uwargida ba ce. Ganyen shayi da gahawa suna ɗauke da wani sinadari da ake kira tanin, shi ne ke sa shayin da ya daɗe a wuta ya yi bauri. Shi ke manne wa bango, kuma sabulu, da aikinsa cire maiƙo ne, bai cika iya masa ba.

Abin da ke iya masa shi ne bekin soda, wadda ake sa wa a kek. Kofi ba shi da wuya: a jiƙa cikinsa, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya, a goga da soso mai laushi na minti ɗaya ko biyu, a ɗauraye. Soson ƙarfe kuwa a bar wa tukunya. Yana kankare santsin tangaran, sai dattin gaba ya samu wurin maƙalewa, ya fi na baya taurin kai.

Filas ne ke buƙatar haƙuri, tunda hannu ba ya shiga. A ce mai cin lita 1 ne. A zuba babban cokali 2 na soda, a cika da ruwan zafi, a bar shi ya kwana a buɗe. Kada a ɗaure murfin, domin soda na fitar da iska a ruwan zafi. Da safe a zubar, a bi da buroshi mai dogon hannu. Idan ruwan ya fito kamar shayi, aiki ya yi. Idan da saura, a maimaita. A cire robar murfi ma a wanke ta daban, don warin madarar da ta kwana yawanci can yake ɓuya.

Wani lokaci kuma abin da ke ciki fari ne, yana da kaushi kamar alli. Wannan daga ruwa ne, musamman na rijiya ko burtsatse, kuma soda ba ta taɓa shi. Tsami yake so: ruwan lemon tsami guda 3 ko 4 cikin ruwan ɗumi, a bar shi awa ɗaya. Mutane da yawa kan haɗa sodar da lemon a lokaci guda, don kumfar na burge su. A ganina asara ce, ɗaya na kashe ƙarfin ɗaya ne kawai. Idan filas na da duka biyun, a fara da tsami, a ɗauraye, sannan soda.

Bilic yana faranta kofin tangaran, in dai za a ɗauraye sosai, amma yana cin ƙarfen filas, ya bar ƙananan ramuka da ba su gyaruwa. Don Allah kada a zuba shi a filas.