Yarda da Amana a Hira da Ɗaurarru: Nazari a Kan Masu Jiran Shari'a

Gabatarwa

Tun da dokar 2019 ta mayar da gidajen yarin Nijeriya gidajen gyaran hali, batun tuba da tarbiyyar ɗaurarru ya ƙara cancantar nazarin ɗaliban addini. Sai dai mafi yawan waɗanda ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukunci ba, kuma duk kalmar da suka furta tana iya komawa hujja a kansu. Wannan maƙala za ta bi misali guda. A ƙaddara ɗalibi ya sami izinin shiga gidan gyaran hali na Funtuwa don nazarin tuba, aka kawo masa wani manomi daga Tsiga da ake tuhuma da raunata maƙwabcinsa a rikicin iyakar gona.

Yardar wanda ke tsare

Izinin hukuma yana buɗe ƙofa ne kawai, ba ya maye gurbin yardar mutumin. Malaman Malikiyya sun lissafa tsoron ɗauri cikin abubuwan da ke tabbatar da tilasci, kamar yadda ya zo a babin saki na Mukhtasar Khalil. Hira ba saki ba ce, amma illar ɗaya ce: wanda gandiroba ya kira daga ɗaki zai yi wuya ya ce a'a. Akwai kuma kwaɗayi, domin manomin zai iya zaton baƙon mai takardu lauya ne da zai nemo masa beli.

Saboda haka ɗalibin ne zai gayyata da bakinsa, cikin Hausa, ya bayyana cewa shi ba lauya ba ne, ba jami'i ba ne, kuma shiga ko ƙin shiga ba zai taɓa shari'ar ba. Sannan ya nemi manomin ya maimaita abin da ya fahimta. Idan ya amsa da cewa malam zai taimaka masa ya fita, yarda ba ta samu ba, ko da ya dangwala yatsa. Kyautar sabulu ko abinci, in za a yi, a bai wa ɗakin duka, har da waɗanda suka ƙi.

Iyakar sirri

Ruwayar da ke cikin Sunan Abi Dawud ta nuna cewa zancen majalisi amana ne, amma ta togace wasu abubuwa, ciki har da zubar da jinin haram. Wato amanar tana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗi iyakar kafin a fara. Dokar Shaida ta 2011 ta kare abin da mutum ya faɗa wa lauyansa, ba ta ba mai bincike irin wannan kariya ba. Abin da ya faru a Kwalejin Boston ta Amurka ya isa izina. Masu bincike sun naɗi hira da tsofaffin mayaƙan Ireland ta Arewa bisa alkawarin ɓoye ta har su mutu, amma a 2011 aka aika wa kwalejin sammaci, daga bisani kotu ta sa aka miƙa wasu kasa-kasan.

Don haka ɗalibin ba zai yi alkawarin sirri marar iyaka ba. Zai ce wa manomin kada ya ba shi labarin abin da ake tuhumarsa da shi, kuma idan ya ji shirin cutar da wani ko cutar da kai, zai sanar. Nazarin tuba yana da tarko na musamman a nan: tambayar “ka tuba?” ga wanda ba a hukunta ba neman iƙirari ne. Gara a tambaye shi yadda yake ibada da yadda yake fahimtar jarrabawa. In ya fara bayanin ranar rikicin, a kashe rikoda, a tunatar da shi. Jami'in tsaro kuwa ya tsaya inda zai gani ba tare da ya ji ba.

Sauya suna ma bai wadatar ba. Idan kundin ya ce manomin masara ne daga Tsiga, mai mata biyu, da aka kama kan iyakar gona da damina, mutanen garin za su gane shi, har da dangin wanda aka raunata. Ya isa a ce manomi ne daga kudancin Katsina.

Masu rauni

Wanda amsoshinsa ba sa haɗuwa, ko wanda da alama bai kai shekara 18 ba, ba a hira da shi bisa yardarsa kaɗai. Idan kuka ya ci ƙarfin manomin da aka ambaci iyalinsa, a dakata. Ɗalibin zai koma gida, shi kuwa zai koma ɗaki da abin da aka tono, don haka tun farko a shirya wanda zai duba shi, limami ko ma'aikacin lafiya.

Kammalawa

Ƙa'idar fiƙihu ta gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani ita ce ma'auni. Duk tambayar da za ta ƙawata kundi amma ta iya tsawaita zaman manomin a tsare, barin ta ya wajaba. Allah ne mafi sani.