Kotun Soja: Daga Tuhuma Zuwa Hukunci

A watan Disambar 2014, wata kotun soja da ta zauna a Abuja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa ta hanyar harbi. Laifinsu shi ne ƙin bin umarnin fita ƙwato Delwa, Bulabulin da Damboa daga hannun Boko Haram a watan Agustan shekarar. Lauyansu, Femi Falana, ya ce makamai suka nema, ba yaƙi suka ƙi ba. Kotu dai ta kama su da laifin bore.

Ba kullum irin wannan kotu take zama ba. Ƙananan laifuffuka kwamanda ne ke yanke hukuncinsu a ofis. Idan laifi ya yi girma, sai a yi bincike, a rubuta tuhuma, sannan babban hafsa mai iko ya kafa kotu bisa Dokar Rundunonin Soja ta Nijeriya. Babbar kotu tana da shugaba da mambobi aƙalla huɗu, ta musamman kuma shugaba da aƙalla biyu. Dukkansu hafsoshi ne, ba alƙalai ba, shi ya sa ake zaunar da lauya yana haska musu doka, amma ba ya kaɗa ƙuri'a. Wanda ake tuhuma yana da damar ɗaukar lauya, ko farar hula ne, kuma zai iya cewa bai amince da wani mamba ba idan yana da hujja.

A maganar gudu, niyya ce ke raba laifi da laifi. Sojan da ya tafi ganin iyalinsa ya zarce kwanakin hutunsa, laifinsa fashin aiki ba izini. Wanda ya tafi da nufin ba zai dawo ba, ko don ya kauce wa fagen daga, shi ne ɗan gudun soja. Da yake ba a ganin zuciya, kotu kan duba alamu: tsawon lokacin da ya ɓace, ko ya kama wata sana'a, ko shi ya kawo kansa ko kuwa kamo shi aka yi. Hukuncin na iya zama ɗauri, rage muƙami ko kora daga aiki. Bore kuwa, wato sojoji biyu ko fiye su haɗa baki su bijire wa umarni, a lokacin yaƙi yana kaiwa ga kisa.

Sai dai maganar kotu ba ita ce ta ƙarshe ba. Dole sai hukumar soja ta sama ta tabbatar da hukuncin, tana kuma iya sassauta shi ko soke shi. Bayan haka akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, har zuwa Kotun Ƙoli. Ta hanyar irin wannan bita ne, a Disambar 2015, rundunar sojan ƙasa ta mayar da hukuncin kisan sojoji 66, ciki har da waɗancan 54, zuwa ɗaurin shekara goma-goma.