Cima-zaune a aikin rukuni: abin da malami yake son gani a imel ɗinku

Galibi saƙon yakan shigo ne da tsakar dare, saura kwana biyu a miƙa aiki: "Malam, wane ba ya yin komai, mu kaɗai ke shan wahala, don Allah a ɗauki mataki." Shi ke nan. Ba sunan kwas, ba lambar rukuni, wani lokacin ma adireshin da aka turo da shi laƙabi ne da mahaifiyar mai shi kaɗai za ta gane. Na sha karɓar irinsa, kuma gaskiyar magana ba abin da zan iya yi da shi. Malamin da ke riƙe da ɗalibai ɗari biyu ba zai rage wa mutum maki don an ce masa malalaci ne ba. Yau in ya yi haka, gobe duk wanda ke da jiƙaƙƙa da abokinsa ya samu hanya.

Matsalar kanta tsohuwa ce. Wani Bafaranshe masanin aikin gona, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, ya wallafa sakamakon a 1913. Ya ga cewa idan mutum takwas suka ja tare, ƙarfin da kowannensu ke bayarwa ya koma kusan rabin wanda yake bayarwa shi kaɗai. A 1979 Bibb Latané da abokan aikinsa a Amurka suka gwada da ihu da tafi, suka tarar da abu makamancin haka. Mutum yakan sassauta ne a inda ba za a iya ware nasa ƙoƙarin daga na jama'a ba. Don haka imel mai amfani aikinsa ɗaya ne: ya ware wa malami rabon kowa, ya nuna wanne aka yi, wanne ba a yi ba.

Mu ɗauki rukunin ɗalibai biyar 'yan aji uku. An ba su mako shida su binciko yadda masu sayar da tumatir ke asara saboda ruɓewa, aikin kuma yana ɗauke da maki 20. Suka raba takardun tambayoyi 100, kowa 20, sannan kowa ya ɗauki sashe ɗaya na rahoton. Shugabar rukunin ta yi wani abu da ya cece su daga baya: ta rubuta rabon a zauren WhatsApp ɗinsu a ranar da aka yi shi, kowa ya amsa da "na gani". A ƙarshen mako na uku mutum huɗu sun kawo takardu 80, na biyar shiru. Ta yi masa magana shi kaɗai, ba a cikin zaure ba, sau biyu. Ya ce yana tafe. Bai zo ba.

A nan ne kunya take ɗaure mutane. Ba wanda ke son a ce shi ne ya kai ƙarar ɗan'uwansa, sai a yi ta haƙuri ana rufa asiri har aski ya zo gaban goshi. Amma ƙarar da ta zo a mako na shida hukunci kawai take iya jawowa, domin lokacin gyara ya wuce. Wadda ta zo a farkon mako na huɗu kuwa tana iya tsamo shi kansa wanda aka kai. Ga abin da ta rubuta. A jami'o'in Najeriya da Turanci za a yi shi, a Nijar da Faransanci, amma ginin ɗaya ne. A gurbin `Subject` ta sa lambar kwas, da "Rukuni na 7", da "neman shawara kan rabon aiki". Sai ta ce:

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ce shugabar Rukuni na 7, ina rubutowa ne da sanin sauran mutum uku. Ranar 3 ga wata muka raba aiki, wane ya karɓi takardun tambayoyi 20 da sashen bitar ayyukan baya, za a kawo ranar 21. Har yau ba mu karɓi ko ɗaya ba. Mun yi taro huɗu, ya halarci na farko kawai. Na tuntuɓe shi ranar 17 da ranar 22, ya ce zai kawo. Ba mu san ko akwai wani uzuri da bai faɗa mana ba. Ga hoton rabon aikin da na saƙonnin biyu a haɗe. Muna neman shawararka: mu ci gaba da takardu 80 da muke da su, ko mu raba ragowar 20 a tsakaninmu? Idan kuma haka ta faru, yaya za a yi da makin sashensa? Saura kwana 18 a miƙa aikin. Mun gode, Allah ya ƙara girma."

Ku lura ba ta kira shi malalaci ba, ba ta ce "kullum haka yake" ba. Duk jimlar da ke ciki abu ne da malami zai iya tantancewa, kuma shi kansa wanda ake magana a kai ba zai iya ƙaryatawa ba. Jimlar da ta fi burge ni ita ce ta uzuri, domin sau da yawa da ka tono sai ka tarar an sace waya ne, ko ana jinyar uwa a gida, ko kuɗin mota zuwa kasuwa ne babu, mutum ya ji nauyin faɗa. Sannan ta rufe da tambaya mai zaɓi biyu. Malamin da ke tsakanin lacca da taron sashe zai iya amsa wannan a minti ɗaya daga wayarsa, saɓanin "a ɗauki mataki" da zai ajiye sai ya samu sarari, wanda ba ya samuwa.

Wajen hujja ne ake yawan yin ɓarna. Hoto biyu ko uku sun isa. Wanda ya juye wa malami hirar zaure gaba ɗaya, har da habaici da zagin da aka yi wa mutumin, kansa ya tona wa asiri. Idan a Google Docs kuke rubutu, `Version history` yana nuna wanda ya rubuta me da lokacin da ya rubuta, amma yana da iyaka: ɗalibin da ya rubuta sashensa a takarda abokinsa ya buga masa ba zai fito a ciki ba. Kafin ku kafa hujja da shi, ku tabbata ba haka aka yi ba.

Kada kuma ku yanke hukunci da kanku ta hanyar cire sunansa daga bangon rahoto. Wannan hurumin malami ne, kuma wasu kwasa-kwasan maki ɗaya suke ba rukuni duka, malamin ma ba shi da ikon rabawa sai dai ya kira mutumin ya yi masa tambayoyi da baki, ko ya ba shi wani aiki dabam. Wasu malaman kan raba takardar da kowane ɗan rukuni zai auna gudummawar sauran a asirce, kuna iya roƙon a yi hakan.

Sai batun `Cc`. Wasu na ganin sa wanda ake ƙara a ciki neman rigima ne. Ni ina ganin shi ne ke raba ƙara da gulma. Shugabar nan ta sanar da shi tun da safe cewa da yamma za ta rubuta wa Malam, sannan ta sa adireshinsa a `Cc`, ba ta ɓoye kowa a `Bcc` ba. Amsar malamin layi uku ce: su ci gaba da 80, su bayyana a rahoton dalilin da ya sa adadin ya ragu, shi kuma wane ya same shi a ofis ranar Laraba da ƙarfe goma, da sashensa a hannu.