Canji uku a kan kuɗi ɗaya: yadda aiken gida ke ramewa kafin ya isa Minna

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗan canji, a Minna ne ko a Wuse Zone 4 da ke Abuja, ya san tambayar farko da ake yi masa: “Alhaji, saye za ka yi ko sayarwa?” Ba a faɗin farashi sai an ji amsa, domin dala ɗaya farashi biyu gare ta. Akwai wanda ɗan canji ke karɓa da shi, akwai kuma wanda yake bayarwa da shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce abincinsa. Babu rasidin da ke nuna ta, shi ya sa iyalai da dama ke biyan ta sau biyu ko uku a kan kuɗi ɗaya ba tare da sun ankara ba.

Tun daga ƙarshen Janairun 2024, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya umarci kamfanonin aiko da kuɗi daga waje su riƙa biyan masu karɓa da naira kaɗai. Wannan ya sauya tsarin ƙarshen shekarar 2020, lokacin da aka ba mutum damar karɓar aikensa da dala. A lokaci guda kuma bankin ya cire iyakar kashi 2.5 cikin ɗari da ya taɓa gindaya wa farashin waɗannan kamfanoni. Ma'anar haka ita ce, canjin farko ya zama dole ga wanda ya bi ta wannan hanya, kuma kamfani ne ke yanka farashinsa. Canji na biyu da na uku kuwa mai kuɗi ne ke kai kansa.

A ɗauki misali, da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi, ba farashin yau ba. Wani ma'aikaci a Jidda ya aiko wa yayansa riyal 7,500 domin a ci gaba da ginin gidansu a Bosso. Yayan ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Abuja, sai ƙarshen mako yake leƙa Minna. Riyal a ɗaure take da dala, riyal 3.75 kan kowace dala tun 1986, saboda haka aiken dala 2,000 ne cif. Idan tsakiyar farashin kasuwa, wato rabin hanya tsakanin saye da sayarwa, naira 1,500 ce kan dala, to riyal ɗaya naira 400 ke nan, kuma ainihin darajar kuɗin naira miliyan uku ce.

Kamfanin aike ya ce zai biya naira 392 kan kowace riyal. Abin da ya faɗo a asusun yaya shi ne naira 2,940,000. Naira dubu 60 ta tafi, kashi biyu cikin ɗari, ban da ladan aike da ƙanen ya biya a can. Kamfanin da ke tallar cewa ba ya karɓar ladan aike sau da yawa a nan yake fanshewa.

Sai magini ya ce ba zai samu dawowa aiki ba sai bayan wata biyu. Yaya ya ji tsoron kada naira ta faɗi kafin lokacin, ya nufi ɗan canji, aka sayar masa da dala a kan 1,520. Ya karɓi dala 1,934 da ragowar naira 320. Bayan wata biyu lokacin sayen siminti da rodi ya yi, kasuwa kuma ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Ɗan canjin da ya sayar a kan 1,520 yanzu a kan 1,480 yake saye. Dalolin suka koma naira 2,862,320. Idan aka haɗa da ragowar nan, zuwa da dawowa kaɗai ya ci naira 77,360. Jimillar abin da ya zube daga miliyan ukun ta kai naira 137,360, kusan kashi 4.6 cikin ɗari. Wannan ya yi dab da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024.

Inda ake yawan ruɗuwa shi ne, naira 40 a gefen 1,500 ba ta cika ido. Amma ana ninka ta ne da kowace dala. Lissafin da ya kamata a yi kafin a miƙa kuɗi gajere ne: a cire farashin sayen ɗan canji daga farashin sayarwarsa, a raba sakamakon da farashin sayarwar. A misalin nan, 40 a raba da 1,520 ya ba da kashi 2.6 cikin ɗari. Yaya ba zai ga uwar kuɗinsa ba sai farashin da ɗan canji ke saye da shi ya hau daga 1,480 zuwa 1,520. Duk hawan da bai kai haka ba, asara ce ko da an ji a rediyo cewa dala ta tashi.

Ba daidai ba ne a kira wannan tazara ha'inci. Ɗan canji yana riƙe da hajar da kan iya karyewa a hannunsa cikin awa ɗaya, ga haɗarin jabun kuɗi, ga na 'yan fashi. A gari kamar Minna, inda cinikin bai kai na Zone 4 ko Wapa ta Kano ba, dalar da ya saya da safe tana iya kwana bai samu mai karɓa ba, idan kuma aka nemi da yawa sai ya nemo daga Abuja. Mai buƙata ne ke ɗaukar nauyin wannan jira da wannan zirga-zirga. Haka nan ƙananan takardu, irin na dala 10 da 20, da tsofaffin bugu na dala 100, ana karya musu farashi. Wanda bai duba irin takardun da aka ba shi ranar saye ba zai gane kurensa ranar sayarwa.

Abin da ya fi ciwo shi ne, tazarar takan buɗe ne daidai lokacin da mutane suka fi rububin dala. A ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage. Kafin tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Wanda ya saya a tsakiyar Janairu ya sayar a ƙololuwa ya ci riba mai kauri duk da tazara. Wanda tsoro ya tura ya saya a makon ƙarshe na Fabrairu, sannan buƙata ta tilasta masa sayarwa a Afrilu, ya rasa fiye da sulusin kuɗinsa. A daidai wannan lokaci CBN ya sayar wa kamfanonin canji masu lasisi dala 20,000 kowanne a kan naira 1,301, da sharaɗin kada ribarsu ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari, sannan a farkon Maris ya soke lasisin guda 4,173. Sharaɗin ya shafi dalar da bankin ya sayar ne, ba kowace dala da ke yawo a jakar mai canji a bakin titi ba.

A ganina, ga kuɗin da aka san ranar kashe shi kuma da naira za a kashe shi, wata biyu ya yi kaɗan a yi wannan caca. Da ƙanen ya bar riyal ɗinsa a Jidda har magini ya shirya, da ya samu kariyar da yayan ke nema ba tare da ko sisi ba, tunda riyal tana tafiya ne tare da dala, kuma canji ɗaya tak za a yi. In kuma kuɗin ya riga ya iso, sayen rodi ko biyan kuɗin bulo a ranar ya fi kusa da manufar aiken, duk da cewa siminti ba ya jure doguwar ajiya a damina. Idan an nace sai an bi ta hannun ɗan canji, to a nemi farashin biyu a numfashi ɗaya kafin a bayyana ko saye aka zo ko sayarwa, sannan a buga wa wani a Zone 4 waya a kwatanta.